Kaya sun makara a hannun kamfanin Faransa: yaya zan rubuta ƙorafin da zai ratsa su ba tare da mun ɓata ba?

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu jin Faransanci, musamman waɗanda suka taɓa hulɗar kasuwanci da kamfanonin Faransa. Na yi odar kayan gyaran injin cika kwalabe daga wani kamfani a can, domin wata masana'anta da nake kawo wa kaya. Na yi odar ranar 12 ga Maris, suka turo takardar amincewa ranar 14, a ciki suka rubuta cewa kaya za su fita 26 ga Afrilu. Na biya kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari ranar 18 ga Maris. Yau 10 ga Mayu, babu kaya, babu bayani. Na tura musu gajeren saƙo ranar 2 ga Mayu, shiru. Su kuwa masu masana'antar injinsu a tsaye yake, kullum sai an kira ni.

Ba na son rabuwa da kamfanin, domin kayansu na asali ne kuma ba kowa ke da su ba. Amma ina son su san cewa abin ya isa haka. Ga abin da na tsara da ɗan Faransancina:

```
Bonjour, je suis très déçue. Votre délai est inacceptable.
Je veux mes pièces immédiatement, sinon je vais annuler.
```

A taimaka a duba mini kafin in tura.

Auwal:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a ganina ma kin yi musu sauƙi. Ki rubuta kan saƙon da manyan baƙaƙe, ki ce lauyanki zai shigo cikin maganar. A Faransa akwai doka, idan kaya suka wuce kwana 30 ba a kawo ba, dole su mayar miki da kuɗinki cikin kwana 14. Ki ambata musu ita kawai, za ki ga sun rikice.

Malam Sani:
Auwal, dokar da ka ambata tana nan, ba ƙirƙira ka yi ba, amma ba ta Hajiya ba ce. Tana cikin kundin kare masu saye don amfanin kansu, wanda suke kira Code de la consommation. Ita tana kare mutumin da ya sayi firji ko waya zai kai gidansa. Kuma kwana 30 ɗin nan na wanda ba a yanka masa ranar kawo kaya ba ne. Hajiya 'yar kasuwa ce da ta sayi kaya daga hannun kamfani don ta sayar, nata lissafin daban yake. Idan ta kafa hujja da wannan dokar, wanda ya karanta saƙon zai gane nan take cewa ba ta san inda ƙarfinta yake ba, alhali tana da ƙarfi sosai.

Hajiya, kada ki tura wancan tukuna. Na daɗe ina aikin sayo kaya daga kamfanoni masu Faransanci, kuma abin da ke motsa su ba fushi ba ne. Ki duba saƙonki da idon ma'aikaciyar da za ta buɗe shi da safe cikin tarin wasu saƙonni. Babu lambar oda, sai ta je ta nemo. Babu ranar da aka yi alkawari. Kin ce "immédiatement", amma wannan ba rana ba ce da za ta iya kai wa shugaban sito ta ce ga wa'adin da aka ba mu. Kin ce za ki soke, alhali kin gaya mana ba kya son sokewa, kuma kuɗinki na hannunsu. Barazanar da ba za ki cika ba tana rage miki nauyi a saƙo na gaba.

Ƙarfin irin wannan wasiƙa yana cikin abu uku: ranakun da babu mai iya musantawa, wa'adi mai kwanan wata, da matakin da za ki ɗauka idan wa'adin ya wuce, wanda da gaske za ki ɗauka. Ladabin kuma yana cikin yadda aka gina jimlolin, ba sai kin sassauta buƙatarki ba.

Hadiza:
Na yarda da Malam. Hajiya, ƙarin gyara ta fuskar harshen. Kalmar "délai" da kika sa ba ta nufin makara, wa'adi take nufi, wato lokacin da aka ɗiba. Yadda kika rubuta, za su iya fahimtar cewa ranar 26 ga Afrilun ce ba ta yi miki ba tun farko. Makara ita ce "retard". Sannan "je veux" a wasiƙar kasuwanci yana da kaushi ƙwarai a kunnen Bafaranshe, amma kuma ba ya ƙara wa maganar ƙarfi. Abin da suka saba shi ne "nous vous demandons de bien vouloir". Buƙata ce kai tsaye, babu roƙo a cikinta, kuma babu wanda zai ce an yi masa rashin kunya. Ki yi magana da "nous", da sunan kamfaninki, ki bar "je suis déçue". Ɓacin ranki gaskiya ne, amma ba shi za a shigar a fayil ba.

Nura:
Hajiya wane kamfanin jirgi ne ya ɗauko kayan? Ki turo lambar kwantenar a duba inda take. Sau da yawa kaya sun iso, takardun kwastan ne ke riƙe su.

Hajiya Binta:
Nura, ai kayan ba su ma bar hannun kamfanin ba. Babu kwantena, 'yan kwalaye ne da za su biyo jirgin sama.

Nura:
To na gane, na ɗauka a hanya suka tsaya. Amma duk da haka akwai abin dubawa ta ɓangarenmu. A takardar amincewar nan, kusa da farashi, akwai wasu baƙaƙe uku da ke nuna inda nauyin mai sayarwa ya ƙare, irin su EXW, FCA ko DAP. Wanne aka rubuta? Domin idan DAP ne, 26 ga Afrilu na nufin ranar da kaya za su iso inda aka ambata a wurinki. Idan FCA ne, ranar ce da za su miƙa kayan ga mai ɗaukar kayan da ke kika zaɓa, can a ƙasarsu. Kuma a FCA, ke ce za ki sanar da su sunan mai ɗaukar kayan a kan lokaci. Na ga wanda ya rubuta ƙorafi mai zafi, aka mayar masa da amsa cewa kaya na nan a ɗaure tun tuni, shi ake jira ya turo wanda zai ɗauka.

Hajiya Binta:
FCA ne, an rubuta Incoterms 2020 a gefensa. Na tura musu sunan kamfanin da zai ɗauka tun 8 ga Afrilu, kuma matar da ke kula da odata ta amsa cewa ta gani. Shi ma mai ɗaukar kayan na kira shi jiya, ya ce ba a neme shi ba.

Malam Sani:
Madalla, Nura ya taɓo wuri mai muhimmanci. Wannan ya canza kalmomin wasiƙar. Ba za ki ce "ba mu karɓi kaya ba", domin za su iya cewa ai karɓarki ba ta cikin alkawarinsu. Cewa za ki yi ba su miƙa kayan ga mai ɗauka ba. Saura abu ɗaya kafin mu rubuta. Ki duba bayan takardar farashin ko abin da suka liƙo da ita, akwai shafi mai ƙananan rubutu da kan magana "Conditions générales de vente". Ki nemo inda aka yi maganar "livraison", ki kawo mana abin da ya ce.

Hajiya Binta:
Na samu. Ga shi: "Les délais de livraison sont donnés à titre indicatif." A ƙasa kuma an ce dokar Faransa ce ke aiki. Amma a takardar amincewar an rubuta "au plus tard le 26 avril".

Auwal:
To kin gani, sun riga sun kare kansu. Ma'anarsa ranar hasashe ce kawai. Shi ya sa na ce a tsorata su, domin ta hanyar takarda ba za ki ci riba ba.

Malam Sani:
A'a Auwal, bai kai nan ba. Wannan jimla tana cikin sharuɗɗan kamfanoni da yawa a can, kuma ba ta ba su izinin riƙe kaya har abada. Abin da ya fi haka, kundin dokokin farar hula na Faransa, a sashe na 1119, ya ce idan sharuɗɗan gama-gari suka saɓa da sharuɗɗan da aka keɓe wa wata yarjejeniya, na keɓen ne ke rinjaye. Takardar amincewar Hajiya ta ce "au plus tard", wato kada a wuce wannan rana. Wannan hujja ce mai kyau a hannunta. Ban ce an gama shari'a ba, lauyansu zai iya jayayya. Amma a wasiƙar, wannan kalmar tasu ce za mu mayar musu, ba tare da mun ambaci sharaɗin hasashen ba. Idan suna so, su su ɗauko shi.

Ga yadda zan rubuta, a tura ranar Litinin 13 ga Mayu da safe:

```
Objet : Commande n° 2147 du 12 mars – retard de livraison

Madame,

Votre confirmation du 14 mars prévoyait la remise des pièces
à notre transporteur au plus tard le 26 avril. À ce jour, sauf
erreur de notre part, cette remise n'a pas eu lieu, alors que
l'acompte de 30 % a été réglé le 18 mars. Notre relance du
2 mai est restée sans réponse.

Ce retard immobilise la ligne de production de notre client.

Nous vous demandons donc de bien vouloir nous confirmer par
écrit, d'ici le vendredi 17 mai, une date ferme de remise, qui
ne saurait dépasser le 24 mai.

À défaut, nous serons contraints de vous adresser une mise en
demeure.

Dans l'attente de votre réponse, nous vous prions d'agréer,
Madame, nos salutations distinguées.
```

Lambar odar ta misali ce, ki sa taki. Sakin layi na farko duk tarihi ne, rana bayan rana, babu siffa ko ɗaya da ke zargin kowa. Na biyu jimla ɗaya ce tak a kan ɓarnar da makarar ke yi, domin su san ba son rai ba ne. Na uku shi ne zuciyar wasiƙar, kuma ki lura wa'adi biyu ne a ciki. Na farko na amsa ne, 17 ga Mayu, wanda ba su da uzurin kasa cikawa ko da kayan ba su kammala ba. Na biyu na kayan ne, 24 ga Mayu. Idan kika haɗe su wuri ɗaya kika ce a kawo kaya nan da Juma'a, kuma ba za su iya ba, sai su ci gaba da yin shiru. Idan kika raba, kin buɗe musu ƙofar magana.

Hadiza:
Wasiƙar ta yi kyau Malam, amma ni zan cire "sauf erreur de notre part". Hajiya ta kira mai ɗaukar kaya, ta tabbatar. Me ya sa za ta ce wai ko mu ne muka yi kuskure? Kamar tana neman afuwa ne tun ba a tambaye ta ba.

Malam Sani:
Na fahimce ki Hadiza. Ni ina barin ta ne saboda dalili na aiki. Yana yiwuwa an shirya kayan a sito jiya da yamma, saƙon bai kai ga mai ɗauka ba tukuna. Idan haka ta faru, wannan jimlar ta kare Hajiya daga a ce ta faɗi abin da ba haka ba. Kuma su a wurinsu jimla ce ta yau da kullum, ba a karanta ta a matsayin rauni. Tana ba wa matar damar gyarawa ba tare da ta ji an ƙure ta ba.

Hadiza:
A saƙon tuni na farko na yarda. A wannan matakin, bayan an yi mata shiru tun 2 ga Mayu, ban gamsu ba. Amma ba abin da zai ɓata wasiƙar ba ne, Hajiya ta zaɓa. Abin da zan jaddada shi ne buɗewa da rufewa. "Madame," kawai, ba a haɗa da sunan mahaifi a irin wannan wasiƙa, kuma a bar "Chère Madame" sai ranar da ake shiri. Idan ba a san wanda zai karanta ba, "Madame, Monsieur,". Duk abin da aka sa a sama, shi za a maimaita a jimlar rufewa. Idan da can kuna rufe saƙonninku da "Cordialement", to komawa doguwar jimlar nan kaɗai saƙo ne. Za ta gane cewa magana ta tashi daga hira ta koma ta ofis, ba tare da kin faɗi kalma mai zafi ko ɗaya ba.

Alhaji Mamman:
Ni dai nawa ya bambanta. Wanda nake saye a hannunsa a Kwatano yake, shi ma Faransanci muke rubutu. Ya taɓa makara mini da kaya, na tura masa irin wannan doguwar wasiƙa, sai ya ji haushi ya ce shekara da shekaru muna tare zan rubuto masa kamar baƙo. Da na kira shi a waya muka gaisa, cikin mako kaya suka taso. Hajiya, ki kira su mana kafin duk wannan.

Malam Sani:
Alhaji, kiran waya ba ya hana wasiƙa, ita ma ba ta hana shi. Naka mutum ɗaya ne mai kamfaninsa, shi ke yanke hukunci. Na Hajiya ma'aikaciya ce a cikin kamfani, wataƙila ita kanta tana jiran masu ƙera kayan ne, kuma rubutacciyar wasiƙa ce za ta ɗauka ta kai wa na sama da ita. Shawarata, a tura saƙon da safe, a kira da rana a ce an turo saƙo, ana fatan an gani. Duk abin da aka faɗa a wayar, a sake rubuta shi a gajeren imel mai farawa da "Suite à notre échange téléphonique de ce jour". Alkawarin baki ba ya shiga fayil sai an rubuta shi. Kuma a lura, Alhaji, dokar da ke kan cinikinka daban ce, Jamhuriyar Benin tana cikin ƙasashen Afirka 17 masu bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ake kira OHADA. Sassan da na ambata na Faransa ne.

Hajiya Binta:
Na gode ƙwarai. Tambaya biyu. Mece ce wannan "mise en demeure" da zan ce zan aiko? Ba na son in yi barazana da abin da ban sani ba. Na biyu, ba zan nemi ragi ko diyya a wannan wasiƙar ba? Masana'antar na maganar za su cire mini wani abu.

Malam Sani:
Takardar gargaɗi ce ta ƙarshe, wadda doka ta san da ita. A cikinta kina umartar su da su cika alkawari cikin wani wa'adi mai ma'ana, kina kuma faɗa a fili cewa idan ba su cika ba kina da haƙƙin warware cinikin. Ba sai da lauya ko kotu ake rubuta ta ba, ke ma za ki iya. Muhimmancinta shi ne, a dokar Faransa, sashe na 1226 ya ce kafin mutum ya warware yarjejeniya da kansa sai ya fara aika wannan gargaɗi, in ba a halin gaggawa ba, kuma idan ya warware ba bisa ƙa'ida ba shi zai ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Sashe na 1231 kuma ya ɗaura neman diyya a kan aika ta, muddin cika alkawarin bai gagara gaba ɗaya ba. Shi ya sa "je vais annuler" ɗin nan ke da haɗari. Idan kika soke kai tsaye, su ne za su juyo su ce ke kika karya yarjejeniya, su riƙe kafin alƙalaminki. An saba aika ta da wasiƙar rajista mai shaidar karɓa, "lettre recommandée avec accusé de réception", a haɗa da kwafi ta imel.

Batun diyya, ni ba zan sa ba yanzu. Abin da kike buƙata a wannan makon rana ce tabbatacciya. Da zarar kin ambaci kuɗi, saƙon zai bar teburin matar nan ya tafi wurin masu lissafi ko lauyoyi, amsa ta ƙara nisa.

Barista Zainab:
A nan na ɗan saɓa da Malam. Ba sai an ambaci adadi ba, amma jimla ɗaya ta ajiye haƙƙi ba ta da illa: "Nous nous réservons le droit de demander réparation du préjudice subi." Idan ba haka ba, gobe su ce kin ba su har 24 ga Mayu, wato kin amince da sabuwar rana kin yafe ta baya. Sannan a duba sharuɗɗan nan da kyau. Tunda ciniki ne tsakanin ƙasa da ƙasa kuma an zaɓi dokar Faransa, yana iya faɗawa ƙarƙashin Yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan sayar da kaya, wadda Faransa ke ciki, sai in sharuɗɗan sun cire ta a fili. Ita ma, a sashe na 47, ta ba mai saye damar ƙara wa mai sayarwa wa'adi mai ma'ana kafin ya warware, don haka tsarin wasiƙar bai canza ba. Abin da nake nufi, kada a ambaci lambar sashen kowace doka a wannan imel ɗin. Idan an kai matakin gargaɗin ƙarshe, a ba wa wanda ya san fannin ya karanta takardun gaba ɗaya, har da ko akwai sharaɗin da ya taƙaita diyya.

Malam Sani:
Batun rashin ambaton sassan doka, mun haɗu Barista. Jimlar ajiye haƙƙin kuwa, na ga inda ta sa abokin ciniki ya daina magana da sakin jiki, kowace amsa sai ta bi ta hannun lauya. Amma hujjarki a kan 24 ga Mayu mai ƙarfi ce, ban da amsar da ta rushe ta.

Auwal:
Ni har yanzu ina ganin wa'adin ya yi tsawo. Me ya sa ba za a ce awa 48 ba?

Hadiza:
Saboda watan Mayu ne, ƙanena. A Faransa 1 ga Mayu hutu ne, 8 ga Mayu hutu ne, ga hutun Alhamis ɗin Ascension da ya faɗo a makon nan, kuma da yawa sukan haɗa da Juma'ar da ke binsa. Ba uzuri ba ne ga makarar da ta fara tun Afrilu, amma yana iya zama dalilin shirun da aka yi wa saƙon 2 ga Mayu. Litinin zuwa Juma'a wa'adi ne da ba wanda zai ce an matsa masa. Kuma gara a rubuta rana da sunan wata kamar yadda Malam ya yi, a bar "sous huitaine" ko "5 jours ouvrés", domin su ne ke jawo gardamar daga yaushe aka fara ƙirga.

Hajiya Binta:
Na tura wasiƙar da safiyar yau Litinin. Na bar "sauf erreur de notre part", na kuma sa jimlar Barista a ƙasan maganar gargaɗin. Na liƙa takardar amincewarsu, shaidar biyan kuɗi, da saƙon 8 ga Afrilu. Na sa shugaban sashen ciniki a kwafi, tunda sunansa na kan takardar farashin.

Hajiya Binta:
'Yan uwa, amsa ta zo yau Laraba, daga shugaban sashen da kansa. Ya ba da haƙuri, ya ce wani ɓangare ɗaya ne bai iso musu daga masu ƙerawa ba. Sauran kayan za su miƙa 21 ga Mayu, ragowar kuma "courant juin". Bai ce komai ba a kan kuɗin jirgi na biyu.

Malam Sani:
Alhamdulillah, an samu motsi. Ki amsa yau, ki gode masa a jimla ɗaya, ki karɓi 21 ga Mayu a rubuce. Amma "courant juin" ba rana ba ce, daga 1 har 30 ga Yuni duk ciki ne. Ki nemi kwanan wata. Kuɗin jirgi na biyu kuma ki ɗaga shi yanzu kafin kashin farko ya tashi, ki rubuta "les frais du second envoi restant à votre charge".

Nura:
A FCA dai kuɗin jirgi na mai saye ne, za su iya tsayawa a kan haka. Sai dai raba kayan gida biyu daga wurinsu ya fito, ba daga Hajiya ba. Kafin ki amsa, Hajiya, ki tambayi masu masana'antar ko ɓangaren da ya rage shi ne wanda injin ke jira. Idan shi ne, kashin farko ba zai tayar da injin ba, kuma kin biya jirgi sau biyu.

Hajiya Binta:
Wannan tambayar ta zama dole. Bari in kira injiniyansu yanzu, in ya so in dawo mu tsara amsar.